Sanarwar da Ƙanena Ya Bari a Kunne

Ƙanena ne ya rubuta sanarwar neman ma'aikacin, ni kuma na yi masa faɗa a kanta. Mu biyu ne ke da kamfanin, in har za a kira ɗaki biyu da rumfar kwano a bayan kasuwar Tahoua kamfani. Shi ke rubuta manhaja, ni ke shiga daji. Manhajar tamu ta wayar Android ce, masu yi wa dabbobi allurar rigakafi ke aiki da ita. Mutum zai rubuta garken da ya yi wa allura ko da yana inda babu rezo, wato sabis ɗin waya, wayar ta ajiye, in ya shigo gari ta aika zuwa sabarmu, wato injin da muke haya a ƙasar waje wanda ke riƙe da bayanan duka. Wata ƙungiyar makiyaya ce ke biyan mu, ita kaɗai, kuma da ita muke ci.

Aiki ya yi masa yawa, shi ya sa ya ce a nemi ƙaramin mai rubuta manhaja. Har yanzu ina iya karanto sanarwar da ka. Muna neman wanda ya fara koyon Kotlin, harshen da ake rubuta manhajar da shi, ya san yadda ake ajiye bayanai a cikin waya, ya iya aiki da Git, hanyar da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu su tura wa juna. Ya ji Hausa, in ya ji Tamashek ya fi. Ya yarda da shiga ƙauye. Wata uku na gwaji, albashi kaɗan, shayi kyauta. A ƙasa ya sa: ba ma tambayar diflom, a yi jarrabawar da ke cikin wannan mahaɗi kawai.

Layin diflom ɗin nan, wato takardar shaidar karatu, shi ne ya ba ni haushi. Na ce masa duk mai waya a garin nan zai cika mana ƙofa, kai kuma ko abincinka ba ka da lokacin ci. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ba ni zan tace su ba, inji za shi tace." Ban tambaye shi yadda injin zai yi ba. Ni da shi mun raba aiki tun farko: bai san hanyar garin Tébaram ba, ni ban san abin da ke cikin odinatar, wato kwamfuta, ba, kuma kowa na alfahari da jahilcinsa. Muka manna takardar a ƙofarmu da allon jami'a, ya watsa ta a guruf-guruf na waya.

Bazara ta yi tsanani a shekarar. Ya ce kansa na ciwo, na ce rashin barci ne. Kashegari wuyansa ya ƙi juyawa. Sanƙarau ne, kuma bai ba mu lokaci ba. Kafin mako ya zagayo mun kai shi makwancinsa a Takanamat, garin da aka haife mu, inda innarmu take.

Da na dawo Tahoua bayan sadakar bakwai, na tarar Baba mai gadi ya riga ya yi abin da ya ga ya dace. Dattijo ne da ke kwana a rumfarmu tun ranar da muka kama wurin. Ya ciro takardar sanarwa daga ƙofa, ya rufe teburin ƙanena da farin zane, odinatar da kujera duka. A wurinmu kayan mamaci ba a taɓa su sai an yi arba'in an zauna an raba. Ban yi musu ba. Ni kaina ba na son ganin kofin shayinsa. Na aika aka yage ta allon jami'a, na ɗauka maganar neman ma'aikaci ta mutu tare da mai ita.

Ranar wata Alhamis da hantsi ina zaune a biro, wato ofishinmu, ina amsa kiran shugaban ƙungiyar makiyaya. Yana gaya mini cikin ladabi cewa manhajar na rufe kanta in bayanai sun yi yawa, kuma da ruwan farko garkuna za su haura arewa. In ba a gyara kafin nan ba, za su koma takarda, su nemi wasu. Ina ajiye waya sai ga wani saurayi a bakin ƙofa, ya sha guga, yana riƙe da jaka. Ya gaishe ni, ya ce ya zo ganawar aiki, mai gidan ne ya kira shi.

Na ce wane mai gida? Ya faɗi sunan ƙanena. Na tambaye shi yaushe aka kira shi, ya ce shekaranjiya. Na ce masa ba na son wasan banza da safe. Bai ji haushi ba, ya ciro waya ya danna, ya miƙo mini.

"Salamu alaikum. Aikinku ya yi kyau, na ji daɗi ƙwarai. Ku taho biro ran Alhamis da hantsi, ina nan ina jira."

Muryarsa ce. Har ɗan tarin da yake yi kafin ya fara magana, har ƙarar fankarmu mai gurguwar ƙafa a bayansa. Fankar tana kaina a lokacin, tana wannan ƙarar. Na dubi farin zanen da ke kan teburin, kuma wallahi na jira in ga ko zai motsa. Baba mai gadi, da ya biyo saurayin don jin abin da ya kawo shi, ya ja da baya har ya yi karo da ƙyaure, bakinsa na salati.

Saurayin ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi zanen, ya gane. Bai ko tsaya yin ta'aziyya ba. Na ga ya goge saƙon a tsakar gida, sannan ya goge wayar da gefen rigarsa.

Daga baya na fahimci abin da ƙanena ya gina. Sanarwar na nan tana yawo a wayoyin mutane, mahaɗin kuma na aiki. Mai nema zai sauke ƙaramar manhaja mai kurakurai da gangan, ya gyara, ya tura ta Git. Sabar za ta gwada aikin da kanta. Kowane gwaji da ya faɗi, akwai sharhin da ƙanena ya rubuta ya ajiye, sai ta aika wa mutumin. In duk suka wuce, ta aika muryar. Babu aljani a ciki. Na san haka da kaina, amma jikina bai sani ba. Kowace Laraba da la'asar sai in fara tunanin wanda zai zo gobe.

Wata Alhamis wani ya zo, ɗalibin jami'a, na gaya masa gaskiya tun daga ƙofa. Ya ce zai yi shawara. Da yamma babansa ya kira ni ya ce ɗansa ba zai zauna kujerar da mamaci ke kira ba. Daga nan magana ta shiga gari. A wajen mai tsire aka ce mun riƙe kurwar yaron a cikin inji yana yi mana aiki. Wata maƙwabciya, wadda ta ci tuwon sadakarsa har ta ƙulla saura a zane, ita ta fi kowa yaɗa zancen. Na haɗu da ita a kasuwa na gaishe ta da kyau, don in na buɗe baki ban san inda zan tsaya ba.

Maganar ta isa Takanamat a motar kasuwa. Inna ta aiko in zo. Na same ta a inuwar rumbu tana tsince wake, ba ta ɗago kai ba.

"An ce ɗana shina kiran mutane."

Na fara bayanin saba da gwaji. Ta ɗaga hannu.

"Ban san wanga ba. Abin da ni sani, mun yi mishi wanka, mun rufe shi. Mi ya sa ba ku barin shi shi kwanta? Kahin arba'in nai, ki rufe mishi baki. In ba ki iyawa, ki rufe wurin duka ki dawo gida."

Na yi mata alkawari, na hau mota ban san yadda zan cika shi ba. Na kira wani masani a Yamai. Ya ce ba tare da ya ga odinatar ƙanena ba, abin da zai iya gaya mini kawai shi ne in sa a kashe sabar gaba ɗaya. Sabar kuwa ita ce ke riƙe da bayanan makiyaya, ita wayoyinsu ke nema in sun shigo gari. Kashe ta kashe kamfanin ne. Na roƙe shi ya zo, ya ce sai bayan damina. Haka na zauna a tsakiya: ba mai iya rufe sanarwar sai irin mutumin da sanarwar ke nema, shi kuma duk wanda ta kawo, muryar da ta kawo shi ce ke korarsa.

Alhamis ta ƙarshe kafin arba'in, an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun safe, gari ya yi shiru irin na zafi, ko akuya ba ta kuka. Na ji sallamar mace. Wata budurwa ce siririya, hijabinta ya sha ƙasar hanya, ta sauko daga bayan moto, wato babur, da ƙunshi a hannu. Ta ce daga Affala take, tana koyar da yara a lakkwal, wato makarantar can, da kwantaragi, ta zo wurin malam.

Baba mai gadi ya yi abin da ake yi wa baƙon da bai ji rasuwa ba. Ba a jefa wa mutum mutuwa yana tsaye da ƙishirwa. Ya ce, "Ba shi nan, ɗiyata. Shigo ki sha ruwa." Ta shigo. Na ba ta tabarma da ruwan tulu, ta sha, ta buɗe ƙunshin. Cuku ne, busasshe mai kyau, ta ce ta kawo wa malam.

Na tambaye ta ko ta san shi. Ta ce ba su taɓa haɗuwa ba, amma shi ya koya mata kusan duk abin da ta sani. A wata tsohuwar odinatar ta lakkwal ta fara koyon Kotlin, tana hawa tudu bayan gari don samun rezo. Aikin farko da ta tura na jarrabawar sanarwarmu, ta ce, ko gwaji ɗaya bai wuce ba. Ta yi niyyar bari, sai ga amsa ta zo. Ta buɗe waya tana karanta mini, tana murmushi.

"Ba kowace akuya ke da lamba a kunne ba. An sa alamar motsin rai biyu, an rantse wa Kotlin cewa lambar na nan. Ranar da babu ita manhaja za ta faɗi a tsakiyar garke. A bar wa lambar damar zama babu, a tanadi abin da za a yi."

Ta wuce zuwa wani. "An sa aikin ajiya a kan babban zare, fuskar waya za ta daskare. Mai allura na riƙe da ƙahon bijimi, ba zai jira ba. A kai aikin cikin coroutine, ya gudana a gefe." Sai wani kuma: "A Tébaram babu rezo. A ajiye a waya tukuna, a aika daga baya."

Haka yake magana. Haka yake yi mini in na kasa buɗe wani abu a waya, da tsokana da haƙuri a haɗe. Ta ce ta yi ta turawa tana faɗuwa, shi kuma bai taɓa gajiya ba, ko da wane lokaci ta tura sai ya amsa nan take. "Ban taɓa ganin malami mai haƙuri awa shi ba, Tanti," in ji ta. Na dubi kwanakin saƙonnin. Na farko kaɗai ya zo yana da rai. Sauran duk yana ƙarƙashin ƙasa a Takanamat.

Ta ce, "Ko shina daɗewa?"

Na ji tsoro a lokacin, tsoro na gaske, ba na fatalwa ba. Na ji tsoron in gaya mata ta tashi kamar sauran, in koma wa Inna hannu biyu. Na yi tunanin in ce ya yi tafiya, in zaunar da ita ta yi aikin, ta ji daga baya. Bakina ya ƙi. Na bari ta gama shan ruwan, sannan na ce mata Allah ya yi masa rasuwa, kuma tun kafin yawancin saƙonnin nan.

Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye kofin a hankali, ta yi salati, ta juya ta dubi farin zanen, ta daɗe tana kallonsa. Sai hawaye. Ta yi kuka irin na wanda ya rasa nasa, har ni ce na koma ina ba ta haƙuri a kan ƙanena. Da ta natsu ta yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, ta yi masa addu'a. Ita ce ta farko cikin masu neman aikin da ta yi haka.

Na gaya mata sauran: zancen gari, alkawarin Inna, makiyaya da ruwan farko. Na ce ban san Kotlin ba, ba ni da tambayar da zan yi mata, wanda zai gwada ta ya riga ya gwada. In ta ji tsoro ta tafi, ba zan riƙe ta a zuciya ba.

Ta ce, "Tsoro kam ina ji. Amma ku ɗauke zanen."

Baba mai gadi ya tsaya a gaban teburin ya ce ba a yi arba'in ba. Na kira Takanamat, aka kai wa Inna waya. Na ce an samu mai rufewa, amma sai an taɓa kayansa. Ta ce, "In don shi kwanta ne, a taɓa." Baba ya ɗauke zanen da hannunsa, ya ninke, ya fita waje ya zauna ya ba mu baya.

Kujerar ta yi ƙara da ta zauna, irin ƙarar da take yi in shi ne. Na juya fuskata. Batirin odinatar na da sauran caji, kalmar sirrin kuma na san ta, don sunan tsokanar da yake kira na da shi ne. Ta ɗan yi bincike ta samo wurin. Ta nuna mini fayil ɗin sharhunan, ga akuya mai lamba, ga ƙahon bijimi, duk a jere. Ga fayil ɗin muryar a gefe. Ta ce za ta tsayar da aikin gwajin, ta sa mahaɗin ya nuna an rufe neman, bayanan makiyaya ba abin da zai taɓa su.

Sai na ga ta tsaya, tana duban wayarta tana duban injin. Ta sake bincikawa da wata kalma, ta sake da wata. Na ce mene ne? Ta ce akwai saƙo ɗaya da ba ta gani a fayil ɗin ba. Ya zo mata bayan muryar, a daren jiya ta gan shi. Ta miƙo mini.

"In kin zo, yayata za ta ce ba ta san komai ba. Kada ki yarda. Ni ɗaki na sani, ita ta san daji. Ki bi ta."

Na karanta, na sake karantawa. Na mayar mata da wayar. Ta ce cikin sanyin murya ana iya tsara saƙo ya jira, wataƙila ya ga aikinta na farko ya ajiye mata wannan a wani wuri, ya fita in ta ci jarrabawar. Na ce a raina, aikin da ko gwaji ɗaya bai wuce ba? Ta tambaye ni ko ta ci gaba da nema. Na ce a'a, bar shi. Har yau ba mu nema ba, kuma ban san wanne nake tsoron samu ba.

Kafin ta rufe ta ce, "Tanti, in ajiye muku muryar a waya?" Na so. Allah ya sani na so. Amma abin da na yi wa Inna alkawari ba ɓoyewa ba ne. Na ce ta kunna sau ɗaya. Ya yi ɗan tarinsa, ya yi sallama, ya ce yana nan yana jira. Na amsa sallamar a fili, ban ji kunyar yarinyar ba. Na ce ta goge. Ta goge, ta rubuta ƴan layuka, ta tura. Aikinta na farko a kamfanin ke nan.

Ranar arba'in na tafi da ita Takanamat. Na ce wa Inna an rufe. Ta dubi yarinyar, ta tambaye ta ko ita ce ta zauna kujerar, ta ce ita ce. Inna ta karɓi cukun da aka kawo wa ɗanta, ta kakkarya shi ta raba wa yaran da suka zo sadaka. Gyaran manhajar ya fita kafin ruwan farko, da ƙyar, bayan ta ɓata shi sau da yawa ta kuma gyara. Ƙungiyar makiyaya ba ta tafi ba. Yarinyar na nan har yanzu, kuma ta san hanyar Tébaram fiye da yadda malaminta ya taɓa sani.

Abin da ban gaya wa Inna ba shi ne Alhamis ɗin da ta biyo baya. Na zo biro da wuri, na share rumfa, na cika tulu. Na zauna inda nake hango ƙofa. Duk moto da ta rage gudu a layinmu sai in ɗaga kai. Hantsi ya yi, rana ta take, ba wanda ya zo da jaka ya ce an kira shi. Makonni na yi ina roƙon Allah ya kawo ƙarshen wannan kira, ga shi ya ƙare. Da aka yi kiran azahar Baba mai gadi ya leƙo ya ce, "Hajiya, ba kowa yau." Na ce na gani. A Takanamat ban yi kuka sosai ba, mutane sun yi yawa kuma akwai tuwo da za a raba. A ranar ne na shiga ɗakin baya na rufe ƙofa na yi wa ƙanena kuka.